Da wanne za ka auna manajan reshenka: kason riba ko rarar riba?

Duk mai kamfanin da rassansa suka kai biyu ko uku, ko a Sharaɗa yake ko Bompai ko Chalawa, wata rana zai zauna ya yanke yadda zai gane manajan da ke aiki da wanda ke ɗumama kujera. Akanta zai kawo masa ma'auni biyu. Na farko shi ne kason riba a kan jari, wanda za ka gani a takardar rahoto an rubuta ROI. Na biyu rarar riba, wato RI, abin da ya saura bayan an cire wa jari hakkinsa. Ni dai tun daga nan zan faɗa, na biyun nake ba mutane shawara, musamman idan ladan manaja na ƙarshen shekara a kansa za a rataya.

Ga lissafinsu a taƙaice:

```
ROI = riba ÷ jari × 100
RI  = riba − (jari × kason da mai jari ya gindaya)
```

Ribar da ake nufi ita ce ribar aikin reshen kafin a cire kuɗin ruwan banki da haraji. Jari kuwa shi ne duk abin da aka damƙa wa manaja yana juyawa: injina, motoci, kayan da ke sito, bashin da ake bin diloli, da kuɗin da ke hannu.

Kason riba tsohon hannu ne, kamfanin DuPont na Amurka ya yaɗa shi tun farkon ƙarni na 20, kuma kyawunsa guda ne: kowa yana gane shi. Ka ce wa Alhaji reshe ya kawo kashi 40 cikin ɗari, ya gyaɗa kai. Iyakar abin da zan yabe shi da shi ke nan.

Mu ƙaddara kamfani yana da reshen casar shinkafa, jarinsa Naira miliyan 400, ribarsa a shekara miliyan 160. Kasonsa 40 cikin ɗari. Mai kamfani ya gindaya cewa duk Nairar da ya zuba, ba zai yarda da ƙasa da kashi 25 ba. Hakkin jarin ya zama miliyan 100, rarar riba kuma miliyan 60. Sai ga dama ta zo: a ƙara tukunyar turara da injin tsince baƙin ƙwaya, kuɗinsu miliyan 200, za su ƙaro ribar miliyan 64 a shekara. Wannan kashi 32 ne, ya haura 25 ɗin da ake nema da tazara mai kyau. Mai kamfani da ya ji wannan lissafin zai ce a sayo gobe.

Amma saka kanka a takalmin manajan da ake ba lada bisa kaso. In ya karɓa, ribarsa ta koma miliyan 224, jarinsa miliyan 600, kasonsa ya sauko daga 40 zuwa 37 da ɗoriya. A takarda ya ja baya, ladansa ya ragu. Me zai yi? Ba zai ce maka ba ya so ba. Cewa zai yi, "Ranka ya daɗe, mu ɗan dakata mu ga yadda kasuwa za ta kaya," ko ya ce wutar lantarki ba za ta ɗauki injin ba. Galibi ma maganar ba za ta taɓa isowa teburinka ba, a aljihun teburinsa za ta mutu. Ba lalle mugu ne ba, ma'aunin da aka ɗora masa ne ya koya masa haka.

Da rarar riba ake auna shi, lissafin daban ne. Hakkin jarin miliyan 600 shi ne miliyan 150, a cire daga 224, saura 74. Daga 60 zuwa 74, ƙarin miliyan 14, kuma wannan miliyan 14 ita ce ainihin abin da kamfani ya ƙaru da shi bayan sabon jarin ya biya hakkinsa. Abin da ya amfani mai kamfani shi ya amfani manaja, ba sai an bi shi da sanda ba. Ka ɗauki kason da aka gindaya tamkar kuɗin hayar shago a Kantin Kwari: wanda ya san zai biya haya ba ya karɓar shagon da ba zai fitar da hayarsa ba, kuma ba ya ƙin wanda zai fitar har ya bar masa wani abu.

Ɓarnar kaso ba a reshe mai ƙarfi kaɗai take ba, ta ɗaya gefen ma ta fi ciwo. Reshen sufuri na kamfanin nan, a ce jarinsa miliyan 200, ribarsa miliyan 30, kashi 15 ke nan. Manajansa ya kawo shawarar a ƙaro motoci na miliyan 100 da za su kawo miliyan 20 a shekara. Kasonsa zai tashi daga 15 zuwa kusan 17, har a yi masa barka. Alhali kashi 20 bai kai 25 ba. Rarar riba ta tona asirin nan take: da can giɓin miliyan 20 gare shi, yanzu ya zama miliyan 25. Ka ga kamfani ɗaya, ma'auni ɗaya, ya sa an ƙi abin da zai kawo kashi 32, an rungumi wanda zai kawo 20.

To ina ake samo kason da za a gindaya? Nan mutane ke sakaci, su ɗauko lamba daga littafin da aka rubuta don ƙasar da kuɗi ke da araha. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai kason ruwansa 27.5 cikin ɗari, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 34 a watan Disamba na shekarar. A irin wannan yanayi, wanda ya gindaya kashi 10 yaudarar kansa yake yi, kowane reshe zai fito da rara alhali dukiya na zagwanyewa. Tambayi kanka biyu: nawa kuɗin da na saka yake ci na idan na aro ne, kuma nawa zai kawo mini in na kai shi wani wuri mai ƙarancin haɗari? Wanda ba ya mu'amala da ruwa yana iya duba abin da sukuk na Gwamnatin Tarayya, wato takardun zuba jari bisa tsarin Musulunci, ke bayarwa, ya ɗora wani abu a kai saboda haɗarin kasuwanci. Na sha jin dattijo ya ce wannan cire wa jari kaso ai riba ce ta haram. Ba kowa ake biya ba, ba bashi ba ne, layi ne aka ja a takarda don a ga wanda ya tsallake. Kuma lambar tana da nauyi ƙwarai: da 35 aka gindaya maimakon 25, injin nan na miliyan 200 hakkinsa zai zama miliyan 70, ya fi 64 da zai kawo, sai a ƙi shi. Don haka a tsayar da ita kafin shekara ta fara, a rubuce, kada a canza ta bayan an ga sakamako. Ba dole ba ne kuma ta zama ɗaya ga kowane reshe. Reshen da ke sayen hatsi a Dawanau ya ajiye yana jiran farashi ya fi mai sayar da kayan masarufi kullum haɗari, ya kamata a nema daga gare shi fiye.

Rarar riba tana da aibi guda da ba zan ɓoye ba: tana son babba. Ƙaramin reshe mai jarin miliyan 50 da ribar miliyan 30 ya kawo kashi 60, amma rararsa miliyan 17.5 ce kawai, kusa da 60 na reshen shinkafa sai ya zama kamar yaro. Maganinsa kada ka jera rassa ka ce wannan ya fi wancan. Ka auna kowanne da abin da aka yi masa kasafi a farkon shekara da kuma rararsa ta bara. Akwai wani samfurin rarar riba mai suna EVA da wani kamfanin ba da shawara na Amurka ya yi wa rajista, gyare-gyarensa sun yi wa kamfanin iyali yawa, a bar shi.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, domin ko wanne ka zaɓa, lambar jari ita ce ƙofar da ake shigowa a cuce ka. Na taɓa duba littafin wani reshe da kasonsa ya yi kyau har aka ba manajan kyauta. Da na sauka sito a watan Janairu, rabinsa wayam, sai tsintsiya da buhunan wofi a jingine. Ashe da kaka, lokacin da shanshera ke da araha, ya ƙi saye don kada kaya su kumbura masa jari ranar rufe littafi. Bayan watanni kaɗan aka sayi shinkafar nan da tsada, asarar ta faɗa a shekara ta gaba. Tun daga nan ba na karɓar jarin ranar 31 ga Disamba. Ina haɗa na ƙarshen kowane wata in raba 12. Wanda zai yi wasa da rana ɗaya ba zai iya yi da wata goma sha biyu ba.

Sai wasan tsohon inji. Littafi yana rage darajar inji kowace shekara. Injin miliyan 200 da aka raba wa shekara goma, bayan shekara biyar miliyan 100 ya rage a takarda, in ribar tana nan 64, kasonsa ya zama 64 cikin ɗari ba tare da manaja ya ɗaga tsinke ba. Rarar riba ma tana kumbura da wannan, ba ta tsira ba. Abin ya ƙara muni bayan faɗuwar Naira a 2023: injin da aka shigo da shi lokacin da Dala ke ƙasa da Naira 500 a hukumance yana zaune a littafi da kuɗin da yau ba zai sayo rabinsa ba. Mai tsohon inji sai ya fito gwani, mai sabo ya fito rago, kowa kuma ya koyi cewa sabunta kayan aiki laifi ne. A sa wanda ya san injina ya kimanta kuɗin maye gurbinsu a yau, da wannan a auna.

Ka kula da manajan da ya sayar da motar reshe ya koma ɗaukar haya, jari ya ragu a takarda amma motar tana nan tana aiki, wani lokaci ma ta surukinsa ce. Ka kula da wanda ya tura wa dilolin Kasuwar Singa kaya bashi a makon ƙarshe na shekara don ciniki ya tashi, a Janairu kayan su dawo. In bashin da ake bin diloli ba ya cikin lissafin jarinsa, to ka ba shi lasisin rabon kayanka. Ka kula da kuɗin gyara da sabis da ya faɗi kwatsam, wannan ribar aro ce daga baɗi, janareta zai karɓe ta da ƙari. Idan kuma rassanka suna ciniki da juna, kamar motocin sufuri su ɗauko wa reshen shinkafa kaya, kai za ka yanke farashin bisa na kasuwa, in ba haka ba mai bakin magana a cikinsu zai kwashe ribar ɗan'uwansa zuwa littafinsa.

Manaja ma yana da hakki a kanka. Filin da Alhaji ya saya da sunan reshe yana jiran ya yi daraja, ko kuɗin babban ofis da aka raba wa kowa, kada a ɗora su a jarinsa ko a cire daga ribarsa, tunda ba shi ya yanke ba. Kuma sabon inji yakan rage rara a shekarar farko kafin ya kankama, saboda haka ladan da ya shafi babban saye a shimfiɗa shi a kan shekara uku, a riƙe wani ɓangare har a ga abin da injin ya haifar.