Imel ɗin sauya lokacin aikin dare: gajeren ko mai bayani?

"Jama'a, a kamfaninmu da ke Yaba za mu mayar da lokacin tashin aikin dare na kwamfuta mai tattara cinikin masu POS daga ƙarfe 11 zuwa ƙarfe 2, yana kuma cin awa uku. Na rubuta imel biyu. Na farko layi ɗaya ne: 'Daga Litinin aikin dare zai koma ƙarfe 2.' Na biyu ya faɗi dalili da abin da zai shafa, amma ina tsoron ya yi tsawo. Wanne zan tura?"

Malam, tura na biyu, amma sai ka yi masa gyara. Bari in jera maka gyare-gyaren.

Gajeren yana da ladansa, kowa zai karanta shi, ko da a cikin danfo ne. Matsalarsa kalmar nan "Litinin". Ƙarfe 2 na dare ya riga ya tsallake sha biyu, to Litinin ɗin wacce? Wani zai ɗauka daren Lahadi wayewar Litinin, wani kuma daren Litinin wayewar Talata. A tsawon aikina na ga wannan da idona: mai lura da saba, wato kwamfutar da aikin ke gudu a kanta, ya ɗauki ta farko, 'yan lissafi suka ɗauki ta biyu, aikin ya gudu sau biyu cikin dare guda, muka wuni muna tsince cinikin da ya maimaitu. Mai bayanin yana da wurin da zai ce: gudu na ƙarshe a tsohon lokaci Lahadi ƙarfe 11 na dare, daren Litinin ba abin da zai tashi a 11, na farko a sabon lokaci Talata ƙarfe 2 kafin asuba. Ka sa kwanan wata kusa da kowanne.

Nan kuma akwai ramin da gajeren ba zai taɓa nunawa ba. Idan a da aikin yana kwashe ciniki daga 11 zuwa 11, yanzu kuma zai kwashe daga 12 zuwa 12, to awa ɗaya ta daren Lahadi, daga 11 zuwa 12, ba ta da mai ɗauka. Gudun farko dole ya haɗa awa 25. A wannan awar kuwa masu POS a Agege da Idi-Araba ba su rufe ba. Ka rubuta wannan ɓaro-ɓaro, ka gaya wa 'yan lissafi jimillar Talata za ta ɗan fi yadda aka saba, kada su zaci kuskure ne. Haka kuma idan manhajar tana neman cinikin "yau", bayan sha biyu "jiya" za ta nema, in ba haka ba rahoto zai fito kusan wayam.

Sai agogo. Gajeren ya ce ƙarfe 2 kawai. Legas tana kan WAT, agogon Afirka ta Yamma, wanda ke awa ɗaya gaba da UTC, agogon da duniya ke auna lokaci da shi, duk shekara, saba da yawa kuma a UTC suke. Idan taku haka take, layin cron, wato mai tsara lokacin tashin aikin, zai zama:

```
0 1 * * *
```

Wanda ya rubuta `0 2` zai tayar da aikin ƙarfe 3 agogon Legas. Ka sa lokutan biyu a imel ɗin. In kuna da abokan aiki a Landan, agogonsu yana daidai da namu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni muna gabansu da awa ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin gamawa, domin shi mutane ke ji a jikinsu. A da aikin yana ƙarewa ƙarfe 2, ko ya faɗi a ƙarshe a sake shi, ƙarfe 5 an gama. Yanzu 5 ne gamawar lafiya. Ya faɗi a ƙarshe kuwa, sai 8, lokacin da rabin ofis ke maƙale a gadar Third Mainland, masu jiran rahoton safe suna ta kiran waya. Ka duba ma ko ajiyar kwafin bayanai na tashi tsakanin 2 da 5, kada su yi karo. Imel ɗin ya faɗi wanda zai kwana da waya a kunne daren farko, da inda za a duba a ga aikin ya kammala.

Tsoronka na tsawo gaskiya ne, kuma nan gajeren ya fi. Maganinsa ka ɗauki layinsa, ka gyara shi, ka mai da shi kan imel: sabon lokaci, agogon Legas, ranar farawa. Dalili jimla ɗaya ta isa. Bayanta kowane sashe ka kira shi da sunansa, ka ba shi layi biyu kan abin da zai gani da abin da zai yi. Ka tura tun ranar Laraba ko Alhamis, domin mai ƙorafi ya samu yin magana kafin Juma'a, ka kuma sake tunatarwa da safiyar Litinin.