Bidiyon tallan wainata ya kawo masu saye, amma daga can ƙarshen gari

Ina toya waina da sinasir a gida a Hotoro, kuma a watan jiya na biya wani matashi ya haɗa mini gajeren bidiyon talla na daƙiƙa 30 domin TikTok da WhatsApp. Gaskiya hoton ya yi kyau, musamman inda ya ɗauki waina tana tashi a tanda, sannan ya jera abin da nake sayarwa da matakan saye guda uku: a aiko da adadi da adireshi, a tura kuɗi tare da shaidar biya, a jira mai kai saƙo. A makon farko har yaba shi nake yi wa maƙwabta.

Ranar Asabar ta biyu wata baiwar Allah ta tura kuɗin waina 40 da miyar taushe domin baƙinta, sai bayan kuɗin ya shiga na lura tana Rijiyar Zaki ne. Duk wanda ya san Kano ya san daga Hotoro zuwa can sai an ratsa gari baki ɗaya. Kafin mai kai saƙo ya isa, wainar ta huce ta yi nauyi, miyar kuma ta zube a leda. Ta kira ni cikin ɓacin rai tana cewa, "Hajiya, da wane ido zan kalli baƙina?" Na ba ta haƙuri na mayar mata da rabin kuɗinta, kuma har yau abin yana yi mini ciwo, domin ba laifinta ba ne.

Da na koma na karanta rubutun da ya sa a ƙasan bidiyon, sai na ga ya jera Kabuga da Sharaɗa da Rijiyar Zaki, wai don a samu masu kallo da yawa, amma Hotoro sau ɗaya ta fito, Kawo da Tarauni da ke kusa da ni kuwa babu su. Ya kuma sa kalmomin `masa near me`, wato waina kusa da ni, irin yadda ake nema a Google, alhali Google yana duba inda mai nema yake ne da inda aka yi wa sana'a rajista a taswira, ni kuwa ba ni da wannan rajistar. Kalmar waina ma, wadda mutanen unguwarmu suka fi faɗa, bai sa ta ba.

Wani abin da ya ƙara ɓata mini rai shi ne bai rubuta lokacin rufe karɓar oda ba, bayan na bayyana masa cewa sai an jiƙa shinkafa, an niƙa, an bar ƙullu ya tashi, don haka tun daren jiya ake yin oda. Da na nemi ya gyara, sai ya ce sabon aiki ne, sabon kuɗi. Na cire bidiyon daga TikTok, na bar shi a WhatsApp kawai, inda nake rubuta da hannuna unguwannin da nake kaiwa.