Lissafin kuɗin makarantar yara biyu: ta Birni ko ta Sabon Gari?

"'Yan uwa, yara biyu zan sa makaranta nan Damagaram. Ta Birni 30,000 ce kowane yaro a zango, ana rage wa ƙane kashi 20 cikin ɗari, littattafai 8,000, kayan makaranta 7,000, tarar jinkiri kashi 5 cikin ɗari. Ta Sabon Gari 26,000, babu ragi, littattafai 10,000, kaya 5,000, tara 1,000 kowane yaro duk sati. Ni kuwa kuɗina sai sati uku bayan wa'adi. Wacce ta fi sauƙi?"

Malam, mu fara da ragin, don nan ne iyaye suka fi ruɗewa. Kashi 20 ɗin a kan kuɗin karatun ƙanen kaɗai yake, wato 6,000 daga cikin 30,000. Na ga mai cire shi daga 60,000 gaba ɗaya, ya tafi ofishin darakta da kuɗin da bai cika ba. A ta Birni karatu ya kama 54,000, littattafan yara biyu 16,000, kaya 14,000, jimilla sefa 84,000. A ta Sabon Gari karatu 52,000, littattafai 20,000, kaya 10,000, jimilla 82,000. Ga mai biya kan lokaci, ta Sabon Gari ta fi sauƙi da jika biyu.

Amma kai za ka makara, kuma tarorin biyu ba halinsu ɗaya ba. Ta Birni sau ɗaya ake yanka ta: kashi 5 na 54,000 shi ne 2,700, dala 540 ke nan, sai ka biya 86,700. Ta Sabon Gari kuwa tafiya take da kwanaki, jika biyu duk sati tunda yara biyu ne. Satin farko 84,000, na biyu 86,000, har lokacin ita ce mai arha. Ana shiga sati na uku ta kai 88,000, ta wuce ta Birni da 1,300.

Abin da ya fi damuna shi ne ko jinkiri yana soke ragin ƙane, don akwai makarantun da ke sa wannan sharaɗi. In haka ne, karatu ya koma 60,000, tara 3,000, jimilla 93,000, ka ga ta Birni ta zama mafi tsada nesa ba kusa ba. Don Allah ka tambayi darakta, ya rubuta maka amsar a takarda.

Ka kuma tambaye shi ko a kan ragowar bashi ake lissafa tarar. In ya ce e, ka ƙoƙarta ka kai 30,000 na babban kafin wa'adi, ka karɓi rasit. Saura 24,000, tararsa 1,200, duka ya tsaya 85,200. Da ni ne, muddin ragin bai faɗi ba, ta Birni zan kai su a wannan zangon.