VPN ga duka waya, ko ga manhaja ɗaya?

Idan ka bar VPN ya rufe duka waya, komai ta cikinsa zai bi. Ƙarin datar da WireGuard, ɗaya daga cikin tsarukan VPN, ke ɗorawa kusan kashi 4 cikin 100 ne, wato wajen MB 40 a kan GB 1. Wannan da sauƙi. Babbar asarar tana ga datar da ka saya ta WhatsApp kaɗai: kamfanin layi ba ya ganin WhatsApp kake yi, sai ya riƙa cira daga babbar datarka. Za ka ga ta WhatsApp ba ta motsi, babbar kuwa tana zurarewa.

Ni na fi son "Split tunneling" a Android, wato ka zaɓi manhajar da za ta bi ta VPN. Ka sa burauza kaɗai cikin VPN, WhatsApp ya bi hanyarsa. Sai dai abin da ka bari a waje, VPN ba ya kare shi.