Jirgi, ƙwaya da almajiri: yadda ake bambance hanyoyin sauyin ma'ana

"A darasin ilimin ma'ana an ba mu faɗaɗa da ƙuntata da zubewar daraja da siffantawa. To amma da muka zo kan kalmar jirgi, wani ya ce faɗaɗa ce, wani ya ce siffantawa ce. Wane ne ya yi daidai, kuma ta yaya zan bambance su?"

Dukansu biyu sun yi daidai, domin ba tambaya ɗaya suke amsawa ba. Abin da yake rikita ɗalibai shi ne ana jera waɗannan abubuwa huɗu kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, alhali kowanne da abin da yake aunawa. Faɗaɗa da ƙuntata suna auna yawan abubuwan da kalma take ɗauka, wato ko sun ƙaru ko sun ragu. Zubewar daraja ba ruwanta da yawa, tana duba irin kallon da jama'a suke yi wa kalmar ne, na mutunci ko na raini. Ita kuwa siffantawa hanya ce da ma'ana take bi ta tsallaka daga wani abu zuwa wani saboda kamar da ke tsakaninsu, don haka tana gaya mana yadda aka yi tafiyar, sauran ukun kuma suna gaya mana inda aka sauka.

Kafin zuwan Turawa, jirgi abin hawa ne na ruwa, wanda masunta da masu fito suke tuƙawa. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, Bahaushe ya ga wani dogon abu da ake shiga cikinsa da kaya ya kai mutum wani wuri, sai ya kira shi jirgin ƙasa. Da na sama ya fara sauka a Kano a 1925, aka ce jirgin sama. Wannan tsallakawar siffantawa ce, domin kama aka gani aka ari suna. Sakamakonta kuwa faɗaɗa ne, tunda kalmar da take ɗaukar abu ɗaya ta koma ɗaukar uku. Amma labarin bai tsaya nan ba, domin a yau idan mutumin Kano ko Zinder ya ce jirginsa zai tashi da safe, ko ya ce za shi filin jirgi, babu wanda zai yi tunanin kogi. Mai asalin sunan shi ne yanzu sai an ƙara masa bayani an ce jirgin ruwa, ko ma a kira ƙaraminsa kwalekwale.

Wannan ƙarin bayanin shi ne ma'auni mafi sauƙi da na sani. A duba a gani, tsakanin tsohuwar ma'ana da sabuwa, wacce ce take tsayawa ita kaɗai, wacce ce kuma sai an jingina mata wata kalma kafin a gane ta. Idan aka ce mai ya yi tsada, hankali kan fetur yake tafiya, kuma mai son a fahimci na miya dole ya ce man gyaɗa ko man ja. Idan uba ya ce ya sa ɗansa a makaranta, yawanci ta boko ake fahimta, wadda ta riga ta da ɗaruruwan shekaru kuwa ta zama makarantar allo. Duk inda aka ga tsohuwar ma'ana ta fara neman majingina, to sabuwar ta ƙwace mata gida.

Faɗaɗa da ƙuntata kishiyoyin juna ne, kuma tambaya ɗaya ce take raba su: abin da ake kira da wannan suna a da, har yanzu yana ciki tare da wasu, ko kuwa wani yanki nasa kaɗai ya rage? Malam ya samo asali ne daga kalmar Larabci mai nufin mai koyarwa, amma yanzu kwandasta yana iya ce wa kowane fasinja namiji, "Malam, kuɗin mota," ba tare da ya san ko ya taɓa riƙe allo ba, kuma masanin na ainihi bai fita daga cikin kalmar ba. Wannan faɗaɗa ce tsantsa. Hakimi kuwa akasin haka ya faru da shi, domin a Larabci duk mai mulki ko mai hukunci yana iya amsa wannan suna, amma a ƙasar Hausa ya tsaya kan mataki guda na sarauta, ƙasa da sarki, sama da dagaci. Haka zance: kowace magana zance ce, amma idan aka ce saurayi ya tafi zance da dare, magana iri ɗaya tak ake nufi. Sai dai a lura cewa ƙuntatar zance ba ta kammala ba, tunda babbar ma'anar tana nan da ranta, kuma yanayin magana ne yake zaɓar wadda za a ji.

Kalmar da ta fi ba ni sha'awa a wannan babi ita ce kuɗi, domin tana nuna iyakar rabe-raben da ake koyarwa. Asalinta jam'in wuri ce, wato ƙwansunan nan na teku da aka yi ciniki da su a kasuwanninmu kafin sulalla su kore su. Da farko ta faɗaɗa ta haɗa da duk abin da ake saye da shi, daga baya kuma ta saki asalin nata gaba ɗaya, har ya zama yau ba wanda zai ga wuri a jikin kayan ado ya ce ga kuɗi. Alamar da ke tabbatar da rabuwar a nahawu take: kalmar da ita kanta jam'i ce ta haifi nata jam'in, ana cewa kuɗaɗe, kuma za ka ji wani ya ce kuɗin sun ƙare, wani ya ce kuɗin ya ƙare. Irin wannan ba faɗaɗa kaɗai ba ce, ƙaura ce.

Zubewar daraja kuma tana iya faruwa ko yawan ma'ana bai motsa sosai ba, saboda abin da yake sauyawa shi ne zuciyar masu magana. Almajiri daga Larabci ya zo, daga kalmar da ke nufin wanda ya yi hijira, kuma a Hausa ya zama wanda ya bar garinsu don neman karatu. Suna ne na girma, shi ya sa har gobe babban malami yake cewa shi almajirin Shehu wane ne, kuma Hausawa Kirista suke cewa almajiran Yesu. Amma da yake abin da mutanen birni suka fi gani kullum shi ne yaro da roba a ƙofar gida yana bara, sai kalmar ta ɗauki launin abin da ido yake gani, har ta kai ana ce wa tsoho mai bara almajiri ko da bai taɓa zama gaban malami ba. A nan an sami faɗaɗa da zubewa a lokaci guda. Hanyar gane zubewa ita ce a gwada kalmar a wurin faɗa: idan uwa za ta iya ce wa ɗanta, "Dubi yadda ka yi daƙa-daƙa kamar almajiri," kuma yaron ya ji zafi, to daraja ta taɓu. Baƙauye ma haka ne, daga mazaunin ƙauye ya koma marar wayewa, ko da a tsakiyar birni aka haife shi.

Idan ana son ganin duka huɗun a jikin kalma ɗaya, a bi sawun ƙwaya. Tushenta ƙwayar hatsi ce, ta gero ko ta dawa. Da maganin asibiti ya zo a dunƙule, ƙarami, mai tauri, aka ga ya yi kama da ita, sai aka ce ƙwayar magani, wannan siffantawa ke nan. Ta wannan hanyar kalmar ta ci gaba da faɗaɗa, muka sami ƙwayar ido da ƙwayar cuta, har ta zama abin ƙidaya, ana cewa ƙwaya ɗaya tak ta rage. Sannan a bakin mutanen gari wani reshe nata ya ƙuntata ya tsaya kan magungunan da ake sha don a bugu, kuma tare da ƙuntatar zubewa ta biyo, aka sami ɗan ƙwaya. Na taɓa tsayawa a wani kantin magani, wata dattijuwa ta ce wa mai kantin ɗanta ba ya rabuwa da shan ƙwaya, tana nufin maganin ciwon kai, sai na ga samarin da ke wurin suna kallon juna suna danne dariya. Ita tana kan ma'anar zamaninta, su kuma ta nasu suka ji, kuma da haka sauyi yake ratsa tsara zuwa tsara ba tare da kowa ya yanke shawara ba.

Akwai kurakurai biyu da ya kamata a kiyaye. Na farko shi ne kiran kowace tsallakawa siffantawa. Wuta da ta koma lantarki ana iya kafa hujja da kama, tunda duka suna haske suna ƙuna, amma waya ba ta yi kama da na'urar da ke aljihunmu ba. Zaren ƙarfe ne da saƙo yake bi ta cikinsa, aka kira saƙon da na'urar da sunansa, har muka wayi gari da wayar hannu wadda ba ta da waya ko ɗaya. Wannan maƙwabtaka ce, ba kama ba, kamar yadda suna ya zama bikin raɗa suna.

Na biyu shi ne yanke hukunci kan alkiblar sauyi ba tare da shaida ba. An daɗe ana cewa boko daga kalmar Ingilishi mai nufin littafi ta fito, wanda da zai sa a ɗauka kalma ce mai tsabta da ta lalace daga baya. Masanin harshe Paul Newman ya nuna a 2013 cewa kalmar Hausa ce ta asali mai nufin abin da ba na gaskiya ba, kamar yadda take a amaryar boko da biri-boko, kuma ƙamusun Hausa da Bargery ya wallafa a 1934 ya kawo irin waɗannan ma'anoni. Ke nan da raini aka laƙaba wa karatun Turawa sunan, daga baya rainin ya dusashe har mutum yake cewa ya yi boko mai zurfi yana alfahari. Wanda bai duba tsohon ƙamus ba, sai ya rubuta zubewar daraja a inda ɗaukaka ce ta faru, saboda haka kafin ka sa wa kowace kalma suna a takardar jarrabawa, fara tabbatar da wace ma'ana ce ta riga wata.