PivotTable ya rage mini aikin kwana biyu, amma sai da na sha kunya a gaban manaja

Ni ke haɗa awannin ma'aikata a wani kamfanin casar shinkafa da ke bayan garin Kano. Mu arba'in da shida ne, a sashe biyar: Niƙa, Sito, Lodi, Gadi da Ofis. Na'urar dangwala yatsa da ke bakin ƙofa tana fitar mini da fayil duk ƙarshen wata, layi sama da dubu, kowane layi da kwanan wata, suna, sashe, lokacin shiga da lokacin fita. Manaja kuwa abu ɗaya yake so ya gani: awa nawa kowane sashe ya yi a kowane mako. A da tacewa nake yi sashe-sashe, in rubuta jimla a takarda, in sake tacewa. Kwana biyu cur nake ci a kai, idona har ruwa yake yi.

Lissafin watan Satumban 2025 ne na farko da na gwada da PivotTable a Excel, wato jadawalin da ke tattara layuka da kansa ya fitar da jimlarsu rukuni-rukuni, bayan wani ƙanena ya dame ni da zancensa. Na ƙara shafi na shida, wato layin tsaye na F, kusa da D na lokacin shiga da E na lokacin fita, na sa masa suna `Hours`, na cire lokacin shiga daga lokacin fita:

```
=E2-D2
```

Na ja shi har ƙasa, na shiga `Insert`, na danna `PivotTable`. Na jefa `Department` a `Rows`, `Date` a `Columns`, `Hours` a `Values`. Sai na danna kan kwanakin da maɓallin dama, na zaɓi `Group`, na bar `Days` kaɗai, na rubuta 7. Wallahi ko shayin da aka kawo mini bai huce ba, ga sassa biyar a jere, ga makonni a sama. Na jingina da kujera ina jin haushin shekarun da na ɓata ina tace layi.

Sai dai lambobin ba su yi kama da awanni ba. Sashen Ofis ya nuna 13.33 a makon farko. Na ce to tsarin lamba ne, na mayar da shi `h:mm`, sai ya koma 8:00. Mutum takwas, mako guda, awa takwas? Nan ƙanen nawa ya yi mini bayani ta waya. A wurin Excel yini guda shi ne 1, awa goma sha biyu kuma 0.5. Ashe 13.33 ɗin nan kwana goma sha uku ne da sulusi, wato awa 320. Shi kuwa `h:mm` agogon bango ne, da ya kai ashirin da huɗu sai ya koma sifili, ya watsar da cikakkun kwanakin ya nuna maka ɓurɓushin da ya rage. Maganin shi ne a shiga `Value Field Settings`, a danna `Number Format`, a zaɓi `Custom`, a rubuta wannan:

```
[h]:mm
```

Ina rubutawa Ofis ya koma 320:00, Niƙa ya haura ɗari takwas. Na duba waɗannan biyun, na ga sun yi daidai da abin da na saba gani, na buga a takarda, na nufi ofishin manaja ina taku ɗaiɗai kamar wanda ya ci gasa.

Ya karɓa, ya gyara tabarau, ya bi da biro a hankali. Sai ya tsaya a layi guda ya zagaye shi.

"Akanta, masu gadinmu nawa ne?"

"Shida ne, ranka ya daɗe."

"To mutum shida, awa biyu da rabi suka yi a mako? Ke nan shinkafar ce ke gadin kanta."

Na leƙa. Gadi, makon farko, 2:30. Mako na uku ma ba lamba ba ce, `#####` ne reras. Ga shugaban masu gadin, dattijo mai furfura, yana zaune a gefe ya zo karɓar kuɗin batirin tocila. Bai ce uffan ba, kallona kawai ya yi, kuma da ya yi magana da ya fi mini sauƙi. Na ce a ba ni minti goma, na fito gumi na keto mini.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne na riga na gyara tsarin lambar. Na sake dubawa, `[h]:mm` na nan daram. Kowane sashe ya tashi zuwa ɗaruruwa, Gadi kaɗai ya ƙi motsi. A nan ne PivotTable ya yi mini abin da ya sa har yau ban rabu da shi ba. Idan ka danna wata lamba sau biyu a cikinsa, sai ya buɗe sabon shafi ya zubo maka duk layukan da suka haɗu suka ba da ita. Na danna 2:30 ɗin nan, layi talatin da shida suka fito, mutum shida kwana shida-shida. Rabinsu lafiya lau, awa goma sha biyu da 'yan mintuna. Sauran goma sha takwas duk sun faɗa ƙasa da sifili.

Masu gadin dare ne. Suna shiga bakwai na yamma, su fita bakwai na safe. Ita na'urar, lokaci kawai take rubutawa a gidan fita, ba ta cewa gari ya waye. Da aka cire 19:00 daga 07:00 sai aka samu awa goma sha biyu ƙasa da sifili, maimakon goma sha biyu a sama. Ke nan kowane dare ɗaya ya ci wa sashen awa ashirin da huɗu. Dare goma sha takwas, awa 432 ke nan suka salwanta. Ainihin jimlar makon 434:30 ce, aka zabge 432, saura 2:30. Masu dare sun cinye awannin masu rana tas, abin da ya tsira 'yan mintunan sammako ne da jinkirin miƙa aiki. A mako na uku wani mai gadin rana ya yi fashin kwana ɗaya, jimlar ta nutse ƙasa da sifili, shi ya sa aka ga `#####`, domin ta haka ne Excel ke nuna lokacin da bai kai sifili ba.

Laifina ne, ban musa ba. Layukan sama kawai na duba bayan na ja lissafin, su kuwa duk 'yan Ofis ne. Amma ina da ƙorafi. Abin da ya iya tara layi dubu cikin ƙiftawar ido, ya haɗa awa ta gaskiya da awa ta ƙasa da sifili a tukunya ɗaya, ko tari bai yi ba. Duk abin da ka zuba masa, haka zai dafa ya miƙo maka a faranti mai kyau.

Gyaran layi ɗaya ne:

```
=MOD(E2-D2,1)
```

Wannan yana ƙara yini guda a duk inda sakamakon ya faɗa ƙasa da sifili, ya bar sauran yadda suke. Na ja shi ƙasa, na koma kan jadawalin, sai na tarar da 2:30 na zaune tana kallona. Saura kaɗan in rufe kwamfutar in tafi gida. Ashe PivotTable ba ya bin canjin da ka yi a bayanan sai ka ce masa `Refresh`, domin kwafin da ya ɗauka tun farko yake riƙe da shi. Ina dannawa 434:30 ta bayyana. Wannan hali nasa har gobe yana ba ni haushi, don babu wata alama a fuskar jadawalin da za ta gaya maka lambobin jiya kake kallo.

Na koma da sabuwar takarda. Manaja ya duba ya ce, "Yanzu ka zo da magana." Dattijon ya riga ya tafi, sai washegari na tare shi a bakin ƙofa na ce, "Baba, a yi haƙuri da abin jiya." Ya yi dariya ya ce shi dai kada a taɓa masa albashi.

Da a ranar na rubuta wannan sharhi, da yabo zalla zan yi. Lissafin Oktoba ne ya sake taso mini da tsohon miki. Na farko, `MOD` ɗin da ya cece ni yana da nasa sharrin. Wani mai gadi ya manta bai dangwala yatsa ba da zai fita, gidan fitarsa ya zo fayau. Excel ya ɗauki gidan a matsayin sha biyun dare, ya ba shi awa biyar cif daga bakwai na yamma. Awa biyar kuwa ba ta tayar wa kowa da hankali, sai da na ga jimlar makon ta gaza da awa bakwai na bi sawu. Yanzu ga abin da nake amfani da shi, sannan in tace masu sifili in bi su da takardar sa hannu ɗaya bayan ɗaya:

```
=IF(COUNT(D2:E2)=2,MOD(E2-D2,1),0)
```

Na biyu, makonnin. Ashe sa'a na taka a Satumba, domin ranar 1 ga watan Litinin ce. `Group` ba ruwansa da ranar da makonku ke farawa, daga kwanan farko da ya samu a fayil yake ƙirga bakwai-bakwai. Ranar 1 ga Oktoba Laraba ce, sai ga makonnina sun koma Laraba zuwa Talata, alhali mu Litinin zuwa Lahadi muke lissafin kuɗin ƙarin lokaci. Jimlar wata daidai take, amma ta kowane mako ta karkace. Ana iya gyarawa a rubuta 29 ga Satumba a gidan `Starting at`, sai dai duk wata sai ka tuna, ni kuwa na san kaina. Na daina amfani da `Group` gaba ɗaya. Na ƙara shafi mai suna `Week` da ke mayar da kowane kwanan wata zuwa Litinin ɗin makonsa, shi nake jefawa a `Columns`:

```
=A2-WEEKDAY(A2,2)+1
```

Wanda ya shiga aiki daren Lahadi ya fita safiyar Litinin, duk awanninsa a makon da ya shiga suke faɗawa. Na gaya wa manaja haka tun kafin ya zagaye mini da biro, ya ce a bar shi a haka.

Shin zan ba wani shawarar ya yi amfani da shi? Ga mai ma'aikatan rana zalla, ko tantama babu, ya fara yau. Ga mai masu kwana kuwa, zan ce ya yi, amma da sharaɗi: kafin ya buga komai, ya ɗauki sashe mafi ƙanƙanta ya lissafa da ka. Mutum shida sau kwana shida sau awa goma sha biyu, 432. In lambar da ke kan allo ba ta kusa da nan, ya danna ta sau biyu ya ga abin da ke cikinta. Aikin da ke cin mini kwana biyu yanzu bai fi minti arba'in ba, kuma talatin daga ciki a kan waɗanda suka manta dangwala yatsa suke tafiya.