Yadda na ja kyamara a kan layin dogo a Sequencer

Mako biyu na yi ina gyaran wani ɗan gajeren fage na daƙiƙa 8 a cikin wasan da nake haɗawa da Unreal Engine. Abin da nake so shi ne kyamara ta shigo ta zaure, ta ɗan tsaya a bakin ƙofa, sannan ta ƙarasa tsakar gida inda jarumin ke zaune.

Da farko da hannu na riƙa ɗora wa kyamarar maki, wato alamomin inda za ta kasance a kowane lokaci, a Sequencer, manhajar tsara fage ta cikin Unreal, amma duk kwanar da ta sha sai ta yi fizga. Na koma kan Camera Rig Rail, wanda tamkar layin dogo ne da kake lanƙwasawa yadda ka ga dama. Na ɗaure kyamarar, wato Cine Camera Actor, a jikinsa, na mayar da Location ɗinta sifili don ta zauna daidai kan layin. Daga nan lamba ɗaya tal nake motsawa, wato Current Position on Rail: 0 farkon layi, 1 ƙarshensa. A kan firam 30 a daƙiƙa, fagen firam 240 ne. Wannan sauƙin ya burge ni ƙwarai, domin hanya daban, lokaci daban.

Sai dai lambar nan ta ba ni wahala kafin na gane ta. Ba mita take ƙirgawa ba, kason tsawon layin ne. Layina mita 12 ne, ƙofa tana mita 6, don haka na sa tsayawar a 0.5. Daga baya na ƙara layin ta ƙarshe ya kai mita 16. Ina kunnawa sai na ga kyamara ta wuce ƙofa ta je ta tsaya a filin Allah, kuma gudunta ya ƙaru, alhali ban taɓa maki ko ɗaya ba. Ashe rabin 16 mita 8 ne. Sai da na raba 6 da 16, na sa 0.375, ta dawo bakin ƙofa. Shi ya sa yanzu ba na ɗora maki sai na gama da siffar layi.

Wajen kallo kuwa, Lock Orientation to Rail bai yi mini ba, don yana sa kyamara ta bi hancin layi, a kwana ta fuskanci bango. Na kashe shi, na kunna Enable Look at Tracking, na ba ta wani Actor marar jiki, wato abin da ba a gani a fage, da na ajiye daidai ƙirjin jarumin don ta riƙa kallonsa. Tashi da tsayawa kuma a Curve Editor na lallaɓa su har suka yi laushi.

Ga fage mai tafiya ɗaya doguwa, zan sake amfani da Camera Rig Rail gobe ma. A daƙiƙa biyun ƙarshe, inda nake son fuskar jarumin kusa, kyamara ta biyu na kafa, na yanka zuwa gare ta a Camera Cuts, inda ake zaɓar kyamarar da ke nuna fage.